Hoton da Ya Raba Ni da Kawunku Lawali

Kun sha tambayar uwarku abin da ya sa kawunku Lawali ba ya taka gidan nan, ita kuwa sai ta ce ku je ku tambayi mai shago. Da kuka zo wurina ni ma na kore ku da faɗa, domin a lokacin maganar tana da zafi a bakina. Yanzu na tsufa, kuma na ji abin da ake gaya muku a gari, wai na kai yayan matata gaban jandarmomi saboda kuɗi. Ƙarya ce. Ko dala ban ci ba a wannan harka, ko dala ban yi asara ba. Zan rubuta muku yadda abin ya gudana tun daga farko, don kada bayan raina ku riƙe ni da abin da ban yi ba, ko ku riƙe shi da abin da bai yi ba.

Kun tashi kun tarar da ni ina sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar Dakoro, ƙarƙashin takardar izinin wani likitan dabbobi mai zaman kansa. Shi ya koya mini aikin tun ina da ƙarfi, shi ke sa mini hannu in sayo kaya a Maraɗi wurin manyan dillalan da hukuma ta yarda da su. Masu sayen kayana yawancinsu makiyaya ne, Fulani da Buzaye da Hausawa masu ɗan garke, kuma kaɗan ne cikinsu ke karanta rubutun da ke jikin kwalba. Launin kwali suke dubawa, da zanen saniyar da ke jikinsa, sannan su dubi fuskata. In na ce mai kyau ne, shi ke nan, sai mutum ya ƙulle kwalbar a bakin rawani ya nufi daji. Da damina ta faɗi manoma suka yi shuka, garkuna kan bar gonaki su hau arewa wajen Tagriss da gaba da nan, inda babu likita babu shago. Abin da mutum ya saya a wurina kafin tafiya, shi ne kaɗai abin da zai tsaya tsakanin tumakinsa da mutuwa har kaka.

Abin da suka fi nema a wannan lokaci shi ne wani maganin allura da likitoci ke kira oksitetirasiklin, mai dogon aiki. Ruwansa launin zuma ne mai duhu, yana da kauri, allura ɗaya a cikin tsoka kan yi wa dabba aiki na kwanaki. Da shi ake kama ciwon huhu tun tunkiya tana tari da majina, da shi ake kashe ruɓar rauni. A shekarar da nake ba ku labari hanya ta yi wuya, kaya sun yi ƙaranci, na je Maraɗi na dawo hannu rabbana. Dillalina ya ce in yi haƙuri, mota na hanya, amma bai san ranar isowarta ba. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas. Makiyaya suna zuwa ƙofar shago su tsuguna, in ce musu babu, su tashi su tafi. Wannan tashin nasu ya fi zagi ciwo a wurina.

A nan kawunku ya shigo maganar. Ku da kuka san shi daga nesa ba ku san abin da yake a wurina ba. Uban uwarku ya rasu tana ƙarama, Lawali ne ya riƙe ta, shi ya ba ni aurenta lokacin da ba ni da komai sai tebur da laima. A gabansa ba na zama a kujera, ba na cin abinci, ba na ɗaga murya. Dillalin dabbobi ne, mutum mai son a ce shi ya gyara abu, yana da tumaki masu yawa, yana da babbar salula da ba ta rabuwa da hannunsa. Wata safiya ya zo shago da fara'arsa, na sauka daga kujera na gaishe shi, ya ce ya ji halin da nake ciki kuma Allah ya kawo mafita. Wani Alhaji ne da suka haɗu a kasuwar dabbobi, yana da sito cike da maganin, yana son ya rabu da shi da sauri saboda zai yi tafiya. Sai ya miƙo mini salular.

Hoto ɗaya ne. Kwalaye a jere sun kusa kai rufi, ɗaya a buɗe a gaba, an ciro kwalba an ɗora a kai. Na ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma. Na ga saniyar da na sani, na ga launin da na sani, na ga sunan kamfanin, na ga lambar da kamfani ke bai wa kowane zubi na magani, na ga ranar lalacewa tana da sauran nisa. Har murfin ƙarfen nan na bakin kwalba na gani yana ƙyalli, a matse tsaf. Ban ga aibu ko ɗaya ba, kuma har gobe ina faɗa, babu aibu a jikin hoton nan. Kayan da ke ciki na gaske ne. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne, na wa ne, a wane gari, kuma a wace shekara aka ɗauka.

Ni da ba na sayen buhun gero sai na zura hannu har gwiwar hannu na damƙo na tsakiya. Ni da likita ya zaunar ya koya mini cewa hoto ba kaya ba ne. Na san abin da ya kamata in nema sarai. In ce a kira ni ta waya in ga mutumin tsaye a cikin siton yana motsi, in nuna kwalin da nake so daga ƙasa a ciro a buɗe a gabana. In ce a turo faktir, wato takardar ciniki, mai sunan dillalin da ya shigo da kayan, da lambar izinin sayar da maganin a ƙasa. In ce a aiko mini da kwalba ɗaya a motar kasuwa in kai wa likita. Duk waɗannan suna kan harshena. Kuɗin da aka faɗa ma ya yi sauƙi ƙwarai a lokacin da kowa ke neman abin ido rufe, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Na buɗe baki na ce ko za a iya ƙaro wani hoton. Fuskar kawunku ta canza nan take.

"Idi, ni na kawo maka mutum. Ni kake ma shakka ko shi?"

"A'a Yaya, wane ni."

"To mi kake so da wani hoto? Ba ga shi ka gani da idonka ba?"

Na mayar masa da salular. A wurinmu mutum ba ya ce wa wanda ya ba shi aure ya kawo shaida. Kuma gaskiya ina son abin ya zama gaskiya, domin na gaji da kallon makiyaya suna tashi daga ƙofata. Kawunku ya ce ya riga ya tura wa Alhajin kafin alƙalami daga aljihunsa don kada wani ya riga mu, sauran kuɗin ni zan biya in kaya sun sauka. Ban gaya wa likita ba, na ce wa kaina zan gaya masa in sun iso. Na shiga gida na nuna wa uwarku hoton da aka turo mini, ta kalla ta ce kwalayen sun yi kyau, ta ci gaba da tankaɗe. Na aika wa masu saye na ce duk mai shirin hawa arewa ya dakata, magani na zuwa. Har da wani tsohon abokin cinikina, Altine, Bafillace mai tumaki farare da yake zaune wajen Adjekoria, wanda ya jinkirta tafiyarsa saboda maganata.

Kayan suka iso ranar kasuwa da hantsi, a bayan wata ƙaramar mota rufe da tamfol. Alhajin bai zo ba, direba ne da wani dogon mutum mai tabarau da ya ce shi wakili ne. 'Yan dako suka jere kwalaye a ƙofar shago ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunana. Wakilin ya zaɓi kwali ɗaya da kansa ya farke, ya ciro kwalba ya miƙo mini da hannu biyu. Na juya ta, na karkata ta, kumfar iskar ciki ta hau a hankali yadda ya kamata. Murfi a matse. Lambar jikin kwalba ta yi daidai da ta ƙaramin kwalinta. Magani ne na gaske, irin wanda na shekara ina sayarwa. Kawunku yana tsaye yana karɓar gaisuwa, yana kallona yana murmushi. Wakilin ya ce suna sauri, suna da sauran tafiya. Na ce to, na juya zan shiga in ɗauko kuɗi.

Sai ga Altine ya kutso cikin mutane da rago a kafaɗa. Ragon yana numfashi da ƙyar, hanci duk majina, kunnuwa sun faɗi. Ya ce tun jiya ya ƙi ci, in yi masa allura yanzu kafin a yi maganar saye. Na ɗauko sirinji. Kwalbar da aka ba ni na riga na mayar wa wakilin, shi kuma yana can gefen mota. Kwalin da ya fi kusa da ƙafata wani ɗan dako ne ya ajiye shi a kife, gindinsa a sama. Ban ma lura ba, na sa wuƙa na farke, na zaro kwalba. Na ji wakilin ya ɗaga murya yana cewa in bari ga buɗaɗɗe nan, yana tahowa da sauri har yana ture mutane. Ni kuwa na riga na soka allura a robar bakin kwalba na ja.

Wanda bai yi wannan aiki ba ba zai gane ba. Maganin gaske yana da nauyi a hannu, sai ka ja da ƙarfi ka jira, yana hawa cikin sirinji a hankali. Wannan kuwa da na ja sai ya biyo hannuna fuu, sirinji ya cika kafin in shirya. Na ɗiga a tafin hannu na murza. Ba yauƙi, ba kauri, ba warin maganin nan da ke maƙale wa mutum a yatsu har dare. Ruwa ne mai launi, kamar shayin da aka dafa karo na uku. Na tsaya da sirinji a hannu, rago yana numfashi a gabana.

Daga nan idona ya buɗe, na fara ganin abin da ya kamata in duba tun farko. Na kama murfin ƙarfen da yatsu biyu, sai ya juya. Na kamfani ba ya juyawa, inji ne ke matse shi, wannan da hannu aka lanƙwasa shi, gefensa duk ƙananan lotsawa. Na duba robar da kyau, ban da hudar da na yi yanzu akwai tsofaffin huda a jiki, wato kwalbar an taɓa shanye maganinta an jefar, wani ya tsinto ya wanke ya cika. Nan na tuna masu yawo a kasuwannin daji suna sayen kwalaben magani da babu komai ciki, muna yi musu dariya muna cewa me za su yi da su. Na jera kwalabe a kan tebur, ruwan wata ya kai wuya, na wata bai kai kafaɗa ba. Na jiƙa babban yatsa da yawu na goga takardar jiki, rubutun ya biyo yatsana. Lambar zubi da ke jikin babban kwali daban, ta jikin kwalba daban. Takardar bayanin da kan zo a naɗe cikin kowane ƙaramin kwali babu ita. Na juya kwalin na buɗe ta sama yadda ake buɗewa, sai ga layin farko duk na gaske, masu kauri, masu murfi a matse. Na buɗe wani kwalin, haka. Na buɗe wani, haka. Sun sayi na gaske kaɗan sun yi wa kowane kwali fuska, duk abin da ke ƙasa ruwa ne.

Ba kuɗin ne ya fara zuwa mini a rai ba. Altine na kalla. Na ga shi can bayan Tagriss, tumaki suna tari, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da allura, yana jira su tashi, suna mutuwa, yana cewa ai Malam Idi ne ya ba ni. Da ɗan dakon nan ya ajiye kwalin daidai, da na biya, da kafin la'asar na raba ruwan nan ga mutanen da suka jira ni. Na zauna a kan benci. Ina da zuciya, kun sani, amma ranar ko faɗa ban iya yi ba da farko.

Wakilin ya ce zafin hanya ne ya narkar da maganin. Na ce zafin ya zaɓi na ƙasa ya bar na sama? Ya ce to a rage mini kuɗi. Nan zuciyata ta dawo, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta muku ba. Na ciro kwalba ɗaya ta gaske daga layin sama na yi wa ragon allura, na ajiye kuɗinta a kan mota, na riƙe ta ruwan da na huda, na ce su kwashe kayansu. Kawunku ya matso kusa da ni, muryarsa ƙasa ƙasa.

"Idi, cikin mutane za ka yi mini haka? Ka amshi kayan, mu yi magana gida."

"Yaya, taɓa ka ji. Ruwa ne."

"Ni na ga hoton. Kai ma ka gani."

Bai taɓa ba. Ya juya ya tafi. Su kuwa kafin mutane su gama fahimtar abin da ake ciki sun loda kwalaye sun tayar da mota. Na bar su suka tafi, domin in na tsare su sai an kira hukuma, in an kira hukuma sunan kawunku zai fito. Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Da kawunku ya kira lambar Alhajin don a mayar masa da kafin alƙalaminsa, lambar a rufe take, kuma ba ta sake buɗewa ba. Bayan ɗan lokaci kayan Maraɗi suka iso, na sallami mutanena, garkuna suka hau arewa. Kawunku yana amsa gaisuwata a taƙaice, na ce zai huce.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai ga Altine ya sauko shi kaɗai a motar kasuwa. Ba lokacin saukowarsa ba ne. Ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya kwance bakin rawani ya ajiye kwalba a kan teburina, da na taɓa murfin sai ya juya. Ya ce ƙanensa ne ya saya a wata kasuwar daji, ciwon huhu ya shiga garkensa, ya yi ta yin allura, tumakin da suka kamu kusan duk sun tafi, waɗanda suka rage wurin allurar ya kumbura ya yi ruwa. Na ce Allah ya mayar da alheri, amma me ya sa ya saya wurin wanda bai sani ba. Sai Altine ya ciro wata 'yar salula da ya aro wurin mai teburin da ya sayar da maganin.

"Ba wurin baƙo ya saya ba. An ce mishi kayanka ne. Duba."

Shagona ne. Allona ne da sunana a rubuce. Kwalaye a jere a ƙofa, ni tsaye a tsakiya riƙe da kwalba na ɗaga ta sama ina duba ta, fuskata a sake. Kawunku a gefe yana murmushi. A lokacin da wakilin ya miƙo mini kwalbar gaske ta farko, direban yana bayan mota yana ɗaukar hoto, ni ban sani ba. Da wannan hoton suka bi ƙananan 'yan kasuwa na Kornaka da kasuwannin arewa, suna cewa ga shi Malam Idi na Dakoro ya ɗauki rabi, saura kaɗan ya rage. Mai teburin bai buɗe ƙasan kwali ba, don me zai buɗe, ya ga ni. Shi ma hoto ɗaya aka nuna masa, kuma shi ma hoton ba ƙarya a cikinsa, na tsaya a wurin, na riƙe kwalbar. Na tambayi Altine mutum nawa aka nuna wa, ya ce wa ya sani, hoton yana yawo daga waya zuwa waya.

Na rufe shago da rana tsaka na shiga gida, abin da ban saba yi ba. Uwarku tana tsakar gida tana gyaran zogale. Na ajiye kwalabe biyu a gabanta, wadda na riƙe tun ranar kasuwa da wadda Altine ya kawo, na nuna mata hoton, na gaya mata komai. Na ce in na yi shiru, duk inda motar nan ta tsaya da fuskata za a kashe dabbobin mutane. In kuwa na kai magana ma'aikatar kiwo, za su kai wa jandarmomi, za a tambaye ni wa ya haɗa ni da mutanen, ga shi kuma yayanta a cikin hoton, ba yadda zan ɓoye shi. Na ce ba zan taka ko'ina ba sai ta ce. Ta daɗe tana kallon hoton. Ta sa yatsa a kan fuskar yayanta.

"Malam, shi ya riƙe ni."

"Na sani."

"In anka kira shi biron jandarma, ba shi yahe muna."

"Na sani."

Ta ture faifan zogale gefe, ta shiga ɗaki ta fito da mayafi. Ta ce ba za ta bari ya ji a bakin jandarma ba, ita za ta fara zuwa ta gaya masa, ni kuma in wuce wurin likita kada in jira ta dawo. Ku riƙe wannan da kyau, domin a gari ana cewa na yi abin a bayan idonta.

Likita ya yi mini faɗan da na cancanta a kan sayen kaya ba da saninsa ba, sannan ya ɗauke ni muka je ma'aikatar kiwo. Suka karɓi kwalaben, suka ce ido da hannu suna nuna alama ne kawai, sai an auna a labo, wato ɗakin gwaji, a Yamai za a san abin da ke ciki. Da sakamako ya dawo aka ce maganin da ke ciki ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya kashe ciwo ba, sauran ruwa ne da launi, ruwan ma ba mai tsabta ba, shi ya sa wurin allura ke kumbura. Aka sa sanarwa a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Ni kuma na bar shago na bi kasuwanni da kwalba biyu a aljihu, ta gaske da ta ruwa, ina tsayawa a tsakiyar masu dabbobi ina cewa ni ne na cikin hoton, ban sayi kayan nan ba, ku juya murfi, ku karkata kwalba, ku sa a buɗe muku kwali ta ƙasa. Wasu sun gode, wasu sun zage ni, wani tsoho ya tofa yawu a gabana saboda raƙumarsa. An kama kwalaye a wurare da dama an ƙone. Alhajin da wakilinsa ba a same su ba, hoton farko ma an ce na siton wani dillali ne na gaskiya a wata ƙasa, wanda bai san ana yawo da shi ba.

Kawunku an kira shi, ya kwana a wurin jandarmomi, aka duba salularsa aka ga shi ma cutarsa aka yi, aka sake shi. Bai saci komai ba, bai san ruwa ba ne, kuɗinsa ma sun tafi. Amma dillalin dabbobi da aka ga an shiga da shi biro a kan maganin da ya kashe dabbobi, kun san abin da kasuwa za ta yi masa. Makiyaya suka daina damƙa masa igiya. Mutumin da ake tashi in ya shigo rumfa ya koma zama a gefe. Na je gidansa da dattawa, ya sa aka ce ba ya nan, ina jin tarinsa a ɗaki. Na sake komawa ni kaɗai na tsuguna a ƙofar zaure har rana ta yi zafi. Ya fito ya tsaya a kaina.

"Na ba ka ƙanwata, ka ba ni jandarma. Tashi."

Na tashi. Ban yi nadamar zuwa ma'aikatar ba, ko yau aka sake zan je, kuma ba na son ɗayanku ya ba da haƙuri a madadina a kan wannan. Amma ba na son ku riƙe shi a zuciya. Duk wanda ya kai ni ƙasa haka a idon kasuwa, ni ma ban san ko zan iya sake cin tuwonsa ba. Ku riƙa zuwa kuna gaishe shi, ko ya amsa ko bai amsa ba, kawunku ne.

Wadda ta fi shan wahalar wannan abu uwarku ce. Ni na ci gaba da buɗe shago, sunana ya dawo, har ya fi da. Ita kuwa tun daga ranar ba ta da gidan da za ta je ta miƙe ƙafa ta yi hira. Da aka yi bikin yayarku, mutanen gidansu ba wanda ya zo, ita ta zauna a wurin da dangin uwa kan zauna, ita kaɗai, tana yi wa baƙi dariya. Duk sallah takan dafa abinci ta ɗauka da kanta, ba ta aiken kowa, ta tafi gidansa da ƙafa. Takan dawo kafin azahar, wani lokaci kwanon babu komai, wani lokaci yadda ta tafi da shi. Ban taɓa tambayarta abin da ake ce mata a can ba, ita ma ba ta taɓa cewa da ban je ba.